Sabon sim, babu sabis: yadda aka gano matsalar layin wani ɗan kasuwar hatsi

Idan aka sa sim a waya ta ƙi kawo sabis, wayar ake fara zargi. Amma kafin sabis ya hau allo sai abu uku sun daidaita, ɗaya bayan ɗaya. Sai wayar ta karanta sim ɗin kuma ya yarda ya buɗe mata, sai ta ji ƙarfen sabis a kusa da ita, sannan sai kamfanin layin ya duba rajistarsa ya karɓi wannan sim ɗin. Duk inda igiyar ta tsinke a cikin ukun nan, abin da mai waya zai gani kusan iri ɗaya ne, shi ya sa ake yawan kashe kuɗi a gyaran abin da bai lalace ba. Lamarin da zan kawo ya haɗa matsala biyu a sim ɗaya, kuma saura ƙiris a buɗe cikin waya mai ƙoshin lafiya saboda su.

Mai wayar dattijo ne da ke harkar hatsi a kasuwar Dawanau. An zare masa waya a cikin cunkoso, kuma layin da ke ciki shi ne wanda abokan cinikinsa suka sani shekara da shekaru, shi ne kuma yake karɓar alat na banki. Ya sayi sabuwar waya mai gidan sim biyu, ya je wani ƙaramin shagon wakilin kamfanin layin ya yi walkam bak, wato a dawo masa da tsohuwar lambarsa a kan sabon sim. Aka karɓi lambar NIN ɗinsa, aka ɗauki hotonsa, aka miƙo masa sabon sim, aka ce ya sa a waya, zuwa anjima zai kawo. Anjima ta wuce, gari ya waye, allon bai daina nuna `Emergency calls only` ba.

Daga nan ɗansa ya karɓi wayar da niyyar taimako. Ya shiga saitin, ya yi ta lalube har ya ci karo da wurin da aka rubuta `SIM card lock`. A tunaninsa sim ɗin a kulle ya zo, nan ne kuma wurin buɗewa. Da ya taɓa, wayar ta nemi PIN. Ya sa lambar da mahaifinsa yake buɗe allo da ita, ta ƙi. Ya gwada wasu biyu na kintace, suka ƙi. Sai allon ya koma neman PUK, lambar da ake buɗe sim da ita idan ya kulle saboda kuskuren PIN. Yaron ya san cewa PUK a jikin kwalin sim yake, don haka ya binciko tsohon kwalin layin a cikin takardun gida, ya kwafi lambar daidai, wayar ta ce ba ita ba ce. Ya ɗauka yatsansa ne ya kuskure, ya sake, ya yi ta sakewa. Wani mai gyara a unguwarsu ya duba ya ce ai matsalar netwok ce, a bar masa wayar ya yi mata filashin, in ta ƙi ya canza mata aisi, ƙaramin ɓangaren cikin waya mai kula da sabis. Kuɗin da ya yanka ne ya sa dattijon ya ce a fara jin ta bakin wani, suka zo shagona a Farm Centre.

Da na kunna wayar, a ƙarƙashin wurin sa PUK an rubuta cewa saura gwaji 3. Na ajiye ta a kan tebur na ce kada kowa ya sake taɓa ta tukuna. PIN na sim gwaji 3 yake bayarwa, in an ɓata su sai ya koma neman PUK mai lamba 8. Shi PUK gwaji 10 ne, in suka ƙare sim ɗin ya mutu ke nan, ko kamfanin da ya yi shi ba ya iya tayar da shi, sai dai a sake sabo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ƙidayar a cikin sim ɗin take, ba a cikin waya ba. Kashe waya ba ya mayar da ita baya, cire batir ba ya yi, sa sim ɗin a wata waya ba ya yi, filashin ma ba ya yi. Da an bar wa wancan mai gyaran wayar, da ya goge komai ya dawo da ita tana neman PUK ɗin nan da saura gwaji 3 ɗinta.

Na tambayi yaron inda ya samo lambar da yake sawa, ya miƙo mini tsohon kwali da ya koɗe. Nan matsalar farko ta fito fili. PUK na katin sim ne, ba na lambar waya ba. Idan aka yi walkam bak, lambar waya ce take dawowa, amma katin sabo ne, da nasa PIN da nasa PUK. Tsohon kwali ba shi da sauran amfani daga ranar. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a jikin kowane sim akwai doguwar lamba, galibi 19 ko 20, wadda ake kira ICCID. Na Najeriya da 89234 suke farawa. Wannan lambar tana jikin kwalin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Na cire sim ɗin na ɗora kusa da tsohon kwalin, na nuna musu ƙarshen lambobin bai zo ɗaya ba.

Na ce wa dattijon: "Baba, ranar da aka ba ku sim ɗin nan, ba a haɗa muku da wani kati mai girman na banki ba, wanda aka ɓalle shi daga jiki?"

Ya ce: "An ba ni, Injiniya. Na ɗauka shara ce, amma ban yar ba. Yana aljihun rigar da na sa ranar."

Aka tura yaron gida a babur ya ɗauko. Da bai samu ba, da sai mu kira kamfanin a 300 daga wani layin nasu, su yi tambayoyin tantancewa su bayar da PUK. Sai dai a irin wannan halin akwai tarko a nan ma. Idan aka ba su lambar waya kawai, alhali a rajistarsu lambar tana kan tsohon kati, PUK ɗin tsohon katin za su karanto, a sake ɓata gwaji. Dole a karanta musu doguwar lambar da ke jikin sim ɗin da ke hannu.

Da kwalin ya iso, na gwada lambarsa da ta jikin sim, suka dace. Na sa PUK ɗin a hankali, wayar ta nemi sabon PIN sau biyu, sim ya buɗe, ƙidayar gwajin kuma ta koma cikakkiya. A wasu wayoyin, musamman ƙananan masu maɓalli, idan wurin sa PUK bai fito ba, ana iya buga wannan a wurin kira:

```
**05*PUK*sabonPIN*sabonPIN#
```

Yaron ya yi tsammanin yanzu sabis zai kawo. Bai kawo ba, kuma ban yi mamaki ba, domin tun kafin ya taɓa makullin ai babu sabis. Kullen PIN ya hau kan matsalar asali ne ya rufe ta. Muddin sim yana kulle, ba ya ba waya lambar shaidarsa da ake yin rajista da ita a netwok, don haka babu wani bincike da za a iya yi a kansa sai an buɗe shi. Shi ya sa makulli ake fara kawarwa, ko da ba shi ne tushen ciwon ba.

Gwaji na gaba shi ne mafi arha a duk aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Na cire sabon sim ɗin na sa nawa mai aiki, na kamfani ɗaya da nasa, a gidan sim ɗin da nasa ya fito. Cikin ƙasa da minti ɗaya sabis ya cika, na kira wayar yaron ta shiga. Na mayar da nawa gida na biyu, nan ma ya kawo. Sannan na sa sim ɗin dattijon a tawa wayar, ita ma ta ce `Emergency calls only`. Da wannan kaɗai an wanke wayar: gidajen sim ɗinta biyu lafiya, eriyarta lafiya, aisin da aka so a canza lafiya. Matsalar tana bin sim ɗin duk inda ya je. Ni a ganina duk mai gyaran da ya yanka kuɗin aikin netwok bai yi wannan musayar a gaban mai waya ba, bai kyauta masa ba, domin minti biyar ba ta kai ba kuma ba a kwance ko noti ɗaya.

Da musayar ta fito akasin haka, wato nawa sim ɗin ya ƙi kawowa a wayarsa, nasa kuma ya kawo a tawa, da wayar zan koma. Zan duba ko an kashe gidan sim ɗin a saiti, in duba ko ƙafafun gidan sun lanƙwashe, in buga `*#06#` in ga ko lambar shaidar wayar kanta, wato IMEI mai 15, tana nan, domin wayar da IMEI ɗinta ya goge ba ta yin rajista. Idan kuwa wayar 'yar waje ce aka shigo da ita, tana nuna `SIM network unlock PIN`, wannan wani makulli ne dabam na kamfanin da ya sayar da ita a can, babu ruwansa da PIN ko PUK na sim. Amma ba can lamarinmu ya nufa ba.

Rubutun da ke kan allo ma yana da abin da yake faɗa, in an karanta shi da kyau. `No SIM` ko `Insert SIM` na nufin wayar ba ta ma san an sa mata kati ba, a duba datti a kan zinaren sim ɗin, ko zamansa a cikin tire. `No service` na iya zama babu ƙarfen sabis a kusa. `Emergency calls only` kuwa yana nuna wayar tana jin wani ƙarfen sabis, har za ta iya neman lambar gaggawa irin 112, amma ba a karɓi sim ɗin ba. Kamfanonin waya ba su daidaita kan kalmomin nan ba, wata wayar tana musanya biyun ƙarshe, don haka alama ce kawai, ba hukunci ba.

Don in ga inda aka tsaya, na mayar da sim ɗin wayarsa, na shiga saitin netwok na kashe `Automatically select network`. Wayar ta ɗauki minti ɗaya zuwa biyu tana bincike, sannan ta jero kamfanonin da take ji, har da nasa. Ganin sunan kamfani a wannan jerin ba ya nufin an karɓe ka, yana nufin wayar tana jinsa ne kawai. Na danna sunan kamfanin nasa. Ta yi ta juyi, sannan ta ce ta kasa yin rajista. Da na sa sim ɗin a wata tsohuwar waya da nake ajiyewa don irin wannan gwajin, sai ta fito da saƙon da nake nema:

```
SIM not provisioned MM#2
```

Ga abin da ke faruwa a bayan fage. A cikin kowane sim akwai lambar shaida mai 15 da ake kira IMSI, wadda mai waya ba ya gani. Ukun farko na ƙasa ne, 621 ga Najeriya, 614 ga Nijar, biyu na gaba na kamfani, sauran na katin kansa. Idan aka kunna waya, tana aika wannan lambar ta ƙarfen sabis zuwa cibiyar kamfanin. Cibiyar ta duba babbar rajistar masu layi. In ta sami lambar, sai ta aiko wa sim ɗin wani lissafi da ba mai iya amsawa daidai sai mai riƙe da mabuɗin sirrin da aka dasa a cikin katin tun a masana'anta. In amsar ta dace, a karɓe shi, sabis ya hau allo. Kamar mai gadin ƙofa ne da littafin sunaye a hannu: ka iso ƙofar, yana jin sallamarka, amma in sunanka ba ya cikin littafin ba za ka shiga ba. Idan aka ƙi waya, ana haɗo mata da lambar dalili. Lamba 2 ɗin nan da ta fito tana nufin rajistar ba ta san wannan IMSI ɗin ba. Wato lambar wayar dattijon ba a ɗaura ta a kan sabon katin ba. An ba shi kati a hannu, amma walkam bak ɗin bai kammala ba.

Ba kowane sim da ba a kunna ba ne yake yin haka. Wani yana nuna sabis cike amma kira ba ya fita, domin kamfanin ya san katin, ya dai hana shi aiki ne. Haka aka gani a watan Afrilun 2022, lokacin da aka toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba: sabis yana nan, ana kiran mutum ya ɗauka, shi ne dai ba ya iya kira. Saboda haka akwai bambanci tsakanin layin da aka taƙaita da katin da ba a sani ba sam. Na farko yakan iya buga `*996#` ya duba matsayin NIN ɗinsa. Na biyu ko wannan ba zai shiga ba, tunda lambobin tauraro masu zuwa wurin kamfani ma sai an karɓi sim a netwok suke tafiya. Yaron ya ce ya yi ta buga `*310#` don duba kuɗi yana samun `Not registered on network`, wanda shi ma amsar guda ce.

A nan ne hankalina ya tashi, ba don sabon sim ɗin ba, sai don tsohon. Idan lambar ba ta koma kan sabon kati ba, to tana nan a kan wanda ɓarawo ya tafi da shi. Na tambayi dattijon ko ya sa an rufe layin ranar da aka sace wayar.

Ya ce: "Ai na ɗauka da an ba ni sabo, wancan ya mutu."

Na ce: "Sai aikin ya kammala yake mutuwa, Baba. Yanzu haka duk wanda ke riƙe da shi, in ya sa a waya, saƙon bankinku gare shi zai je."

Tsohon sim ɗin ba shi da PIN. Mun kira lambar muka ji a kashe, wanda bai tabbatar da komai ba, domin ana iya kunnawa cikin dare a kashe. Na ce kafin ofishin kamfanin layi, a fara kiran banki a dakatar da hada-hada ta waya a asusun. Suka yi hakan daga shagon, aka duba, ba a taɓa kuɗin ba. Wannan sa'a ce, ba dabara ba.

Sauran aikin ba na mai gyara ba ne, kuma babu lambar sirrin da za ta shigar da kati rajistar kamfani daga shago. Na ce su bar ƙaramin shagon su je babban ofishin kamfanin, dattijon da kansa tunda fuskarsa za a ɗauka, su tafi da takardar NIN da sim ɗin da kwalinsa. Na rubuta wa yaron abin da zai faɗa a kanta, don kada a tsaya ana ce musu su kashe waya su kunna: an yi walkam bak, bai kammala ba, a duba wace ICCID ce take kan wannan lambar. Da suka je, abin da aka tarar ke nan. Buƙatar ta shiga, amma hoton da aka ɗauka a shagon bai wuce tantancewa da bayanan NIN ba, sai aka mayar da ita bayan dattijon ya riga ya tafi, kuma ba wanda ya neme shi ya gaya masa. Aka sake ɗaukar hoton a wuri mai haske, aka karanta lambar katin aka tabbatar, aka ce ya jira 'yan sa'o'i.

Da yamma yaron ya kira ni da tasa wayar cewa har yanzu shiru, ko su koma ofishin. Na tambaye shi ko an kashe wayar tun da suka fito, ya ce a'a, sun bar ta a kunne don kada sabis ya zo ba su gani ba. To a nan akwai wata ƙa'ida ta tsarin waya da ba kowa ya sani ba. Idan netwok ya ƙi sim da dalili irin lamba 2, wayar tana ɗaukar katin a matsayin marar inganci, ta daina neman rajista da shi har sai an kashe ta ko an cire shi an mayar. An yi haka ne don kada katunan da aka ƙi su riƙa damun cibiya da ƙwanƙwasa ba tsayawa. Saboda haka ana iya kunna layi a ofis, wayar kuma tana zaune a kan ƙin da aka yi mata da safe. `Airplane mode` yakan wadatar a wayoyi da yawa, amma kashewa gaba ɗaya ta fi tabbas. Na kuma sa ya duba cewa `Automatically select network` a kunne yake, domin wayar da aka bari a kan zaɓin hannu tana iya maƙalewa a kamfani ɗaya, ta ƙi neman wani ko da an tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Ya kashe, ya kunna, ya sa PIN, sabis ya kawo, saƙonnin da suka taru suka fara shigowa.

Dattijon ya so a cire PIN ɗin gaba ɗaya tunda shi ya jawo wahala. Ban goyi bayan haka ba, na kuma gaya masa dalili: da tsohon sim ɗinsa yana da PIN, da ɓarawon ya kashe wayar ko ya zare katin ya sa a wata, gwaji 3 kawai gare shi, kuma da ba mu yi wannan fargabar ta banki ba. PIN ɗin ba ya tambaya sai lokacin kunna waya, ba kullum ba. Ya yarda, da sharaɗin a canza zuwa lambar da zai iya riƙewa wadda ba ita ce ta katin bankinsa ba. PIN na sim yana ɗaukar lamba 4 zuwa 8, kuma ana canza shi a cikin `SIM card lock` ko ta buga wannan:

```
**04*tsohonPIN*sabonPIN*sabonPIN#
```

Yaron ya canza masa, ya kwafi PUK ɗin sabon kwalin a littafin da mahaifinsa yake rubuta bashin buhuna, suka yar da tsohon kwalin don kada a sake ɗaukar sa a madadin sabon. Washegari dattijon ya je banki da kansa aka buɗe masa hada-hadar da aka dakatar.